Mota ta ce kashi 30, ɗakin sanyi ya ce kashi 25: me ya sa NPV ya zaɓi ɗakin sanyi?

Duk wanda ya taɓa rubuta tsarin kasuwanci domin kai wa banki ko abokin haɗin jari a Legas ya san gidajen nan biyu da ke ƙasan shafin Excel, ɗaya IRR, wato kason ribar da harka ke bayarwa a shekara, ɗaya NPV, wato ribar harkar a darajar kuɗin yau. Galibi bakinsu ɗaya. Idan IRR ya ce a shiga harka, NPV ma haka zai ce, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka abu guda ne aka faɗa sau biyu. Rigima tana tashi ne ranar da harkoki biyu suka zo gaban mutum, kuɗinsa kuma na ɗaya ne kawai, sai IRR ya nuna wannan, NPV ya nuna waccan. A irin wannan ranar ba kwamfuta ce ta yi kuskure ba. Tambayoyi biyu ne daban aka yi mata, ta ba kowacce amsarta.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman nawa ne, na daidaita su domin lissafi ya zo da sauƙi. Wani Alhaji a Agege yana da naira miliyan 10 a hannu, kuma harka biyu aka kawo masa. Ta farko motar ɗaukar kaya ce ta hannu, wadda za ta riƙa kwasar kwandunan tumatir da buhunan albasa daga kasuwar Mile 12 zuwa ƙananan kasuwannin cikin gari. Mota tana da ƙarfi a farko, don haka bayan an cire mai da direba da gyara za ta kawo miliyan 8 a shekarar farko. A ta biyu bakanike ya fara cin rabonsa, sai ta kawo miliyan 5. A ta uku, har da kuɗin sayar da gawarta, miliyan 2. Harka ta biyu ƙaramin ɗakin sanyi ne na ajiyar nama a kusa da mayankar Oko-Oba. Shi kuwa sai mahauta sun saba da shi tukuna: miliyan 1 a shekarar farko, miliyan 4 a ta biyu, sannan miliyan 13 a ta uku, wato ribar miliyan 5 da kuma miliyan 8 na sayar da ɗakin da injinansa.

```
Shekara   Mota   Ɗakin sanyi
0         -10    -10
1           8      1
2           5      4
3           2     13
```

In aka tara kawai, mota ta kawo miliyan 15, ɗakin sanyi miliyan 18. Amma babu ɗan kasuwar da zai yarda cewa miliyan ɗaya ta yau daidai take da miliyan ɗaya ta bayan shekara uku, domin ta yau za a iya juya ta. Nan NPV ya shigo. Aikinsa shi ne ya dawo da kowane kuɗin da za a samu nan gaba zuwa darajarsa ta yau, ya tara, ya cire jarin da aka zuba. Kafin ya yi haka sai ka ba shi lamba guda: kashi nawa cikin ɗari kuɗinka zai iya samowa a shekara idan ka sa shi a wata harka mai irin wannan haɗarin? Wannan lambar zan kira kason awo. Ba lallai ta zama kuɗin ruwa na banki ba. Wanda ba ya taɓa kuɗin ruwa yana iya aunawa da ribar sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, kamar na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 mai biyan kashi 16.47 a shekara, ko da ribar da shagonsa ya saba ba shi.

A ce kason awon Alhaji 15 ne. Kuɗin shekarar farko za a raba shi da 1.15, na ta biyu da 1.15 sau biyu, na ta uku sau uku. Na mota, miliyan 8 ta koma 6.96, miliyan 5 ta koma 3.78, miliyan 2 ta koma 1.32. Jimilla kusan 12.05, a cire jarin miliyan 10, saura miliyan 2.05. Na ɗakin sanyi kuwa 0.87 ne da 3.02 da 8.55, jimilla 12.44, saura miliyan 2.44. Ɗakin sanyi ya fi mota da kusan naira dubu 390 a kuɗin yau.

Shi IRR ta baya yake ɓullo wa lissafin. Ba ya tambayarka kason awo. Cewa yake yi, wane kaso ne idan aka auna da shi NPV zai zama sifili cif? Babu wata gajeriyar hanya, gwaji ake yi har a dace. A gwada mota da kashi 30: 6.15 da 2.96 da 0.91, jimilla 10.02, kusan daidai da jarin. To IRR na mota ya ɗan haura 30 kaɗan, wato 30.2. A gwada ɗakin sanyi da kashi 25: 0.80 da 2.56 da 6.66, shi ma 10.02. Nasa 25.1 ne. A Excel haka ake rubuta su, idan alƙaluman mota suna B2 zuwa B5:

```
=IRR(B2:B5)
=NPV(0.15,B3:B5)+B2
```

A kula da layi na biyu. Jarin farko ba ya shiga cikin bakan NPV, a waje ake ƙara shi, domin Excel yana ɗaukar lambar farko da aka ba shi a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya. Wanda ya cusa B2 a ciki ya ture duk lissafinsa shekara guda gaba, kuma zai samu amsar da ta gaza ta gaskiya.

Ga saɓanin nan a fili: kashi 30 a gefen mota, miliyan 2.44 a gefen ɗakin sanyi. A zauren Alhaji, idan ɗan ƙaninsa mai karatun akanta ya ce, "Baba, ɗakin sanyi ya fi," amsar da zai samu a shirye take: "Kai yaro, tun yaushe ashirin da biyar ta fi talatin?" Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin wata tambayar da ba a cika yi ba: kashi 30 na nawa, kuma na tsawon wane lokaci?

Mu bi kuɗin motar shekara bayan shekara kamar bashi ne Alhaji ya ba ta tana biyansa da ƙarin kashi 30. An fara da miliyan 10. A ƙarshen shekara ta zama 13, mota ta biya 8, saura 5 a hannunta. Biyar ɗin nan ta zama 6.5 a shekara ta biyu, ta biya 5, saura 1.5. Wannan ta zama 1.95 a shekara ta uku, ta biya 2, an rufe littafi. Ashe kashi 30 ɗin nan shekara ɗaya tak ya yi aiki a kan miliyan 10. A shekara ta biyu a kan miliyan 5 ya yi, a ta uku a kan miliyan ɗaya da rabi.

Yanzu ɗakin sanyi da kashi 25. Miliyan 10 ta zama 12.5, ya biya 1, saura 11.5. Ta zama kusan 14.38, ya biya 4, saura 10.38. Ta zama kusan 12.97, ya biya 13, shi ma an rufe. A nan kuɗin da ke cikin harkar bai taɓa sauka ƙasa da miliyan 10 ba har shekara ukun suka cika. Idan aka tara abin da ya zauna a ciki kowace shekara, na mota miliyan 16.5 ne, na ɗakin sanyi ya kusa 32. IRR kaso ne a kan kuɗin da har yanzu yake cikin harka, ba ya kallon wanda ya riga ya fito. Mota ta fi kason awo da maki 15, amma a kan kuɗin da ke raguwa da sauri. Ɗakin sanyi maki 10 kawai ya fi shi, amma a kan kuɗi mai yawa da ya daɗe yana aiki. Kamar lebura biyu ne, ɗaya ana biyansa da tsada amma aikinsa na rabin yini ne, ɗayan kuɗinsa bai kai ba amma yana aiki har magariba. Wanda zai fi komawa gida da kuɗi ya danganta da abin da na farkon ya samu ya yi da sauran yininsa.

Abin da mutane suke ji idan an ce kashi 30 na shekara uku shi ne miliyan 10 za ta zama kusan miliyan 22. Motar ba ta yi wannan alkawari ba. Kafin Alhaji ya ga miliyan 22 a ƙarshen shekara ta uku, sai ya ɗauki miliyan 8 ɗin da ta fara kawowa ya sa ta a wata harkar da ita ma ke ba da kashi 30, ta zama 13.52, ya yi haka da miliyan 5 ta zama 6.5, ya ƙara 2. Idan kuwa abin da yake iya samu a waje kashi 15 ne, to 8 za ta zama 10.58, 5 ta zama 5.75, a ƙara 2, jimilla miliyan 18.33. Na ɗakin sanyi a wannan ma'auni 1.32 ne da 4.6 da 13, wato 18.92. Ɗakin sanyi ya sake yin gaba, kuma wannan karon kuɗi ne da za a iya ƙirgawa a tebur ranar da shekara uku ta cika.

Littattafan karatu sukan ce IRR yana ɗauka cewa za a sake juya kuɗin da kason IRR ɗin kansa. A ganina wannan magana ta ɗora wa lissafin laifin da ba nasa ba. Kashi 30.2 gaskiya ne ko da Alhaji ya kashe miliyan 8 ɗin a bikin 'yarsa. Mai karanta lambar ne yake shigo da wancan zaton ba tare da ya sani ba, lokacin da ya jera 30 da 25 ya ce babbar ta fi. Akwai MIRR a Excel wanda ke ba ka dama ka faɗi kason da za ka sake juya kuɗin da shi. Da kashi 15, mota ta sauko zuwa kusan 22.4, ɗakin sanyi kusan 23.7, sai jerin ya koma daidai da na NPV.

To amma kada a yi saurin ba ɗan ƙanin Alhaji gaskiya, domin duk hukuncinsa a kan lambar 15 ya rataya. A canza kason awo zuwa 22 a gani. NPV na mota ya zama miliyan 1.02, na ɗakin sanyi 0.67. Mota ta wuce gaba, kuma yanzu IRR da NPV bakinsu ɗaya. Dalili shi ne mafi yawan kuɗin ɗakin sanyi yana can shekara ta uku, kuma kuɗin da ya fi nisa shi ya fi jin jiki idan kason awo ya tashi. Tunda ɗakin sanyi ne a gaba a kan 15, mota kuma a kan 22, dole akwai wani kaso a tsakani inda suke kunnen doki. Ana kiransa da sunan Irving Fisher, masanin tattalin arzikin Amurka da ya yi bayaninsa a 1930, kuma samunsa ba wuya.

Sai a cire alƙaluman mota daga na ɗakin sanyi, shekara da shekara. Jarin farko iri ɗaya ne, don haka sifili. Shekara ta ɗaya 1 a cire 8, ya ba da -7. Ta biyu 4 a cire 5, ya ba da -1. Ta uku 13 a cire 2, ya ba da 11. Wannan sabon layin shi ne ainihin shawarar da ke gaban Alhaji. Idan ya zaɓi ɗakin sanyi, ya haƙura da miliyan 7 a shekarar farko da miliyan 1 a ta biyu domin ya samu ƙarin miliyan 11 a ta uku. Haƙurin nan ma jari ne, kuma yana da nasa IRR ɗin.

```
=IRR(D3:D5)
```

Idan D3 zuwa D5 suna ɗauke da -7, -1 da 11, amsar kusan kashi 18.4 ce. Ma'anarta a sarari take. Wanda kuɗinsa ba zai samo fiye da kashi 18.4 a wani wuri ba, ɗakin sanyi ya fi masa. Wanda yake da inda zai juya kuɗi ya samu fiye da haka, mota ta fi masa, domin tana sakar masa kuɗin da wuri. Ni wannan lambar na fi son a rubuta a ƙasan shafi, domin ita ce ta mayar da gardamar 30 da 25 zuwa tambayar da Alhaji ya fi kowane akanta sanin amsarta: miliyan 8 ta faɗo hannunsa baɗi, ina za ta shiga, kuma nawa za ta kawo?

A Najeriya wannan tambaya tana sauya amsa cikin 'yan shekaru. Daga ƙarshen 2020 har farkon 2022, kason kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya tsayar 11.5 ne. A Nuwamban 2024 ya kai 27.5, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disamban wannan shekarar. Kason babban banki ba shi ne kason awon ɗan kasuwa ba, amma yana nuna inda iska ta nufa. A auna harkokin nan biyu da 27.5: mota ta tsira da kusan naira dubu 320, ɗakin sanyi kuwa ya faɗa asarar kusan dubu 480. Harka ɗaya, alƙaluma ɗaya, IRR bai motsa ko kaɗan ba, amma abin da ya fi kyau a 2021 ya zama abin gudu a 2024. Akwai sharaɗi ɗaya a nan da ake yawan takewa. Idan kason awo ya ƙunshi hauhawar farashi, to dole hasashen kuɗin shiga ma ya ƙunshe ta. Wanda ya rubuta kuɗin hayar ɗakin sanyi na shekara ta uku da farashin yau, sannan ya auna shi da kashi 27.5, ya yi wa harkar hukunci sau biyu a kan laifi ɗaya.

Mai harkar gwari a Mile 12 zai iya cewa shi kuɗinsa yana juyawa fiye da kashi 30 a shekara, don haka mota zai ɗauka. Idan gaskiya ne, yana da hujja, sai dai kason awonsa ke nan 30, ba 15 ba, kuma a kan 30 motar ma da ƙyar ta mayar da jarinta a kuɗin yau. Sannan ya tambayi kansa ko kasuwar za ta haɗiye ƙarin miliyan 8 da irin ribar da take bai wa miliyan ɗayan farko. Tumatir ba ya jiran mai saye. Ranar da motocin arewa suka yi yawa a kasuwa, ƙarin kwanduna ƙarin asara ne.

Girman jari ma yana kawo irin wannan saɓani, amma shi ba ya buƙatar dogon bayani. Harkar miliyan 1 da za ta dawo da miliyan 1.5 bayan shekara tana da IRR na kashi 50. Ta miliyan 10 da za ta dawo da 13 tana da 30. A kan kason awo na 15, ta farko ta ƙara wa mai ita kusan dubu 300, ta biyu kusan miliyan 1.3. Idan ɗaya kawai za a iya yi, ƙarin miliyan 9 ɗin yana dawo da 11.5, wato kusan kashi 27.8, wanda ya wuce 15 nesa ba kusa ba. Dabarar cire wannan daga wancan ce dai ta sake aiki.

Inda IRR yake rikicewa gaba ɗaya shi ne harkar da kuɗi ke fita, ya shigo, ya sake fita. Masu kwangila sun san irinta. A ce an kashe miliyan 10 a fara aiki, bayan shekara mai aikin ya biya duka kuɗin kwangilar, miliyan 26, sannan a shekara ta biyu sai an kashe miliyan 16.5 a kammala. A gwada kashi 10, NPV sifili. A gwada kashi 50, shi ma sifili. IRR biyu ke nan, kuma dukansu daidai ne a lissafi. Excel ɗaya kawai zai nuna. Idan ba a ba shi lambar farawa ba, daga kashi 10 yake fara gwajinsa, don haka 10 zai bayar. Idan aka rubuta `=IRR(B2:B4,0.45)` sai ya bayar da 50. Mai son a amince da kwangilar ya san wadda zai buga a takarda.

Dalilin shi ne harkar ta canza hali a tsakiya. A shekarar farko ɗan kwangila ne ya zuba kuɗinsa. A ta biyu kuɗin mai aikin ne a hannunsa, wato shi aka ba bashi, kuma ga wanda ake bi bashi babban kaso ba abin murna ba ne. Lamba guda ba za ta iya auna fuskokin biyu a lokaci ɗaya ba. Ana gane haɗarin ta ƙirga sau nawa alamar kuɗin ta juya daga fita zuwa shiga ko daga shiga zuwa fita. Sau ɗaya, IRR ɗaya ne. Sau biyu, yana iya zama biyu, ko ma babu ko ɗaya. Ɗakin sanyin Alhaji ma zai iya faɗawa nan idan a shekara ta biyu janareta ya mutu aka sayi sabo, har kuɗin da ya fita ya fi wanda ya shigo.

A irin wannan hali sai a jera NPV a kan kaso daban-daban a duba. Na kwangilar nan, a kan kashi 5 asarar kusan dubu 200 ce, a kan 15 ribar kusan dubu 130, a kan 30 kusan dubu 240, a kan 60 kuma an koma asarar kusan dubu 195. Kwangilar da aka yi mata kirari da kashi 50 ba ta kai ko naira dubu 300 a kowane ma'auni ba, kuma idan aka tara kuɗinta kai tsaye, miliyan 26.5 ne suka fita, 26 suka shigo. Duk ribarta tana cikin riƙe kuɗin mai aikin na shekara guda, don haka idan biyan miliyan 26 ɗin ya yi jinkiri har ya faɗa shekara ta biyu, abin da zai rage shi ne an zuba miliyan 10 an karɓi 9.5 bayan shekara biyu.